Daga Ido Ake Fara Awo: Fashin Baƙi Kan Inda Ya Kamata a Kafa Monita

A yawancin ofisoshin fiton kaya da ke Apapa, da shagunan buga takardu na Agege da Obalende, da ɗakunan da matasanmu ke aikin zane ko lissafin kuɗi a Idi-Araba, abin da ke zaɓar wa monita wurin zama shi ne inda aka sami fili a kan tebur, ko kuma inda wayar wuta ta iya kaiwa. Wani ya ɗora ta a kan akwatin kwamfuta, wani ya tura ta kusurwa domin takardu su sami wuri, wani kuma ya kira mai kafa talabijin ya maƙala masa ita a bango. A duk waɗannan an fara ne daga tebur ko bango, sannan aka bar wuya da ido su bi allon duk inda ya tsaya. Tsarin da ya dace ya saɓa wa wannan: ana fara daidaita zaman mutum, a auna inda idonsa yake, sannan a kawo monita wurin da awon ya nuna.

Dalilin farko yana cikin yadda wuya yake ɗauke da kai. Kan baligi yana da nauyin da ya kai kimanin kilo 5, kuma idan kunne yana daidai saman kafaɗa, ƙasusuwan wuya ne ke ɗaukar mafi yawan wannan nauyi, jijiyoyin nama kuwa aikinsu bai wuce riƙe daidaito ba. Da zarar kan ya sunkuya ko ya miƙa gaba, nauyin ya fita daga kan ginshiƙinsa, sai naman bayan wuya da na saman kafaɗa su shiga ja da baya ba hutu domin kada kan ya faɗi gaba. Wanda ya taɓa ɗaukar bokitin ruwa ya san bambancin riƙe shi a jikin ƙafa da riƙe shi hannu a miƙe, alhali ruwan bai ƙaru ba. A shekarar 2014 wani likitan tiyatar ƙashin baya a New York, Kenneth Hansraj, ya wallafa lissafin da ya nuna cewa sunkuyar da kai da digiri 15 yana sa wuya ɗaukar abin da ya kai kimanin kilo 12, a digiri 30 kuwa kimanin kilo 18. Waɗannan alƙaluma lissafi ne na ƙiyasi, ba awo ne da aka yi a wuyan mutane ba, amma hanyar da suka nuna gaskiya ce: kowane ƙarin sunkuyo yana ƙara wa nama aiki, kuma mai aikin kwamfuta yana riƙe wannan matsayi na sa'o'i ne, ba na mintuna ba.

Mutane da yawa da suka ji wannan bayani sukan ɗauka cewa maganin shi ne a ɗaga monita sama sosai, kuma a nan ne ake faɗawa kuskuren da ya fi na farko muni. Idan allo ya wuce tsayin ido, mutum yakan ɗaga haɓa ya karya wuya baya, sai ƙananan jijiyoyin da ke gindin ƙeya su takura, gaɓoɓin ƙashin wuya na sama kuma su matsu da juna. Ciwon da ke biyo baya yakan fara ne daga ƙeya ya hau zuwa bayan kai, wani lokaci har goshi, kuma mai shi yakan ɗora laifin a kan rana ko cunkoson hanyar dawowa gida, ya sha maganin ciwon kai, gobe ya koma gaban allon da ya jawo masa ciwon. A ganina, idan dole ne a yi kuskure, gara monita ta ɗan yi ƙasa da ta yi sama, domin jiki yana jure ɗan kallon ƙasa fiye da yadda yake jure kallon sama.

Ido ma yana da nasa dalilin na son kallon ƙasa kaɗan. Idan mutum ya zauna ya saki jiki, ganinsa ba ya tafiya a miƙe sosai, yakan ɗan sauka ƙasa da kansa, kuma idanu biyu sun fi samun sauƙin haɗuwa a kan abu na kusa idan abin yana ƙasa da tsayinsu. Shi ya sa babu mai karanta littafi yana riƙe da shi a saman goshi. Bayan haka, kallon ƙasa yana sa fatar ido ta sama ta rufe wani ɓangare na ƙwayar ido, sai siririn ruwan hawayen da ke jiƙa ido ya daɗe bai bushe ba, alhali kallon sama yana buɗe ido sosai ga iska. Wannan yana da nauyi ƙwarai saboda mai kallon allo yana rage ƙiftawa ba tare da ya sani ba. Mutumin da a hira yake ƙifta ido kamar sau 15 zuwa 20 a minti, a gaban allo adadin yakan ragu da rabi ko fiye. Idan aka haɗa da fankar sama da ke kaɗawa kai tsaye a kan fuska, ko na'urar sanyaya ɗaki da ke busar da iskar ofis, sai a sami idon da ke zafi da yaji kamar an zuba masa yashi tun kafin la'asar.

Tazara kuwa magana ce ta wani nama dabam da ke cikin ido, wanda ke sauya siffar madubin ido domin abu na kusa ya fito sarai. Ƙoƙarin da wannan nama yake yi yana ƙaruwa ne gwargwadon kusancin abin da ake kallo, kuma lissafinsa mai sauƙi ne: allon da ke santimita 33 daga ido yana buƙatar ninki biyu na ƙoƙarin da allon da ke santimita 66 yake buƙata. Haka kuma jijiyoyin da ke juya idanu biyu zuwa ciki suna ƙara aiki idan abu ya matso. Saboda haka gajiyar ido da ake samu daga allon da ya yi kusa gajiya ce ta nama ta gaske, kuma alamarta ita ce idan mutum ya ɗaga kai ya dubi ƙofa ko titi, sai ya ga dishi-dishi na ɗan lokaci kafin gani ya daidaita.

Hukumar da ke kula da lafiyar ma'aikata a wuraren aiki a Amurka, wato OSHA, ta taƙaita waɗannan dalilai cikin ƙa'idoji kaɗan da suka yi daidai da abin da akasarin masana fannin ke cewa. Tazarar ido da allo ta kasance tsakanin santimita 50 da 100, bakin allo na sama ya kasance daidai da tsayin ido ko ƙasa da shi kaɗan, tsakiyar allon kuma ta kasance ƙasa da layin ido da digiri 15 zuwa 20. Babu wanda zai zauna yana auna digiri a ofis, don haka ga yadda ake mayar da shi santimita: tsakiyar allo ta sauka ƙasa da tsayin ido da abin da ya kai kashi ɗaya cikin huɗu zuwa kashi ɗaya cikin uku na tazarar da ke tsakanin ido da allon. Idan tazarar santimita 60 ce, saukar za ta kasance tsakanin 15 da 20, idan kuma 75 ce, tsakanin 19 da 25.

Bari mu bi misali guda daga farko zuwa ƙarshe. A ce akwai magatakarda a wani ofishin fiton kaya a Apapa, mai matsakaicin tsawo, wanda ke wuni yana shigar da bayanan kwantena. Maigidansa ya sayo masa monita tokumbo mai inci 24 a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, kuma kamar yadda ake yawan samu a irin waɗannan kaya, ta zo ba ƙafa, don haka aka kira mai kafa talabijin ya maƙala ta a bangon da teburin ya jingina da shi. Mai kafa talabijin ya yi abin da ya saba: ya tsaya a tsaye, ya duba inda ya yi masa kyau a ido, ya huda bango a santimita 140 daga ƙasa. Aikinsa bai yi laifi ba idan talabijin ce da za a kalla daga ɗaya ƙarshen falo, domin daga mita uku ko allo ya wuce ido da santimita 20 ba ya wani tasiri, amma ga mai zama a tebur, kamar santimita 65 daga allo, labari ne dabam.

Kafin a taɓa monitar, sai a fara da kujera. Magatakardan ya zauna ya manna ƙugunsa da bayan kujera, a ɗaga ko a sauke ta har sai gwiwar hannunsa ta yi kusan daidai da saman tebur, kafaɗunsa kuma a sake ba a ɗage ba. Yawancin teburan ofis suna da tsayin santimita 73 zuwa 76, wanda ya ɗan yi wa mutane da yawa tsawo, don haka sau da yawa sai an ɗaga kujera, idan kuma ƙafa ta daina taka ƙasa sosai sai a sa mata ɗan katako ta taka. Wannan mataki ne ya kamata ya zo farko saboda duk santimitar da aka ƙara wa kujera ta ƙaru a tsayin ido, kuma wanda ya huda bango kafin ya gyara kujera zai sake huda shi. Bayan an gama, sai ya zauna irin zaman da yake yi da gaske lokacin aiki, ba zaman ɗaukar hoton fasfo ba, ya dubi bango a miƙe, wani kuma ya ɗauki tef ɗin awo ya auna daga ƙasa zuwa gefen idonsa. Mutum ba ya iya auna kansa daidai, domin da ya sunkuya ya duba tef ɗin, tsayin ya canja.

A ce awon ya ba da santimita 120. Ke nan tsakiyar allon da aka kafa a 140 tana sama da idonsa da santimita 20, kuma tunda tsayin allon monita mai inci 24 kimanin santimita 30 ne, bakinsa na sama yana 155, wato santimita 35 sama da ido. Duk lokacin da ya nemi wani abu a saman shafi, inda akasarin maɓallan manhaja suke, sai ya kalli sama da kusan digiri 28. Wannan ya ishi bayanin ciwon ƙeyarsa ba tare da an nemi wani dalili ba.

Yanzu sai a fitar da tazara, domin da ita za a san saukar. Faɗin teburinsa daga gaba zuwa bango santimita 60 ne, idonsa kuma idan ya jingina yana kamar santimita 15 baya da bakin tebur, ke nan daga ido zuwa bango 75. Ƙarfen da ke riƙe monita da kaurin monitar kanta za su ci kamar santimita 10, saura 65, wanda ya faɗa cikin tazarar da ake so. Kashi ɗaya cikin huɗu na 65 ya ɗan wuce 16, kashi ɗaya cikin uku kuma kusan 22, don haka saukar santimita 20 ta yi. A cire 20 daga 120, sai a sami 100: tsakiyar allo za ta zauna a mita ɗaya cif daga ƙasa, bakinsa na sama a 115, wato santimita 5 ƙasa da ido, bakinsa na ƙasa kuma a 85, wato santimita 10 sama da tebur mai tsayin 75, wanda ya bar wa kibod da takardu wuri. Monitar za ta sauko da santimita 40 daga inda mai talabijin ya sa ta, kuma duk wanda ya shigo ofis zai ce ta yi ƙasa, saboda a tsaye yake kallonta.

Kafin a huda sabon rami, shawarata ita ce a gwada wannan tsayi na kwana biyu ko uku. A jingina monitar da bango a kan rim-rim na takarda, tunda kowane rim na takarda 500 yana da kaurin kimanin santimita 5 kuma ba a rasa shi a ofis, a tabbatar ta kafu ba za ta zame ba, a yi aiki da ita haka. Lissafi yana kai mutum kusa ne kawai. Ragowar santimita biyu ko uku jiki ne zai faɗa.

Akwai ƙa'idar da aka saba ji cewa a miƙa hannu, inda yatsa ya taɓa nan ne wurin allo. Tana da amfani a matsayin mafari, domin hannun yawancin mutane yana kai allo santimita 55 zuwa 70 daga ido, amma ba ta la'akari da girman allo. Monita mai inci 27 tana da faɗin kusan santimita 60, kuma idan aka ajiye ta a santimita 55 sai mutum ya riƙa juya wuya hagu da dama domin ya ga gefunanta. Irin wannan ta fi dacewa a 70 zuwa 80. Mai inci 32 tana son fiye da haka, kuma gaskiyar magana ita ce teburi mai faɗin santimita 60 bai ishe ta ba. Wanda ke shirin sayen babbar monita ya fara auna teburinsa, domin ƙarin inci a kan ƙaramin tebur ƙarin wahala ne ga wuya.

Abin da ke lalata tazara bayan an daidaita ta shi ne ƙanƙantar rubutu. An kai allo santimita 65, amma haruffan sun yi ƙanana, sai mutum ya riƙa miƙa haɓa gaba kaɗan-kaɗan har bayansa ya rabu da kujera, kuma duk awon da aka yi ya tashi a banza. Gyaran a nan shi ne a ƙara girman rubutu, ba a jawo allo kusa ba. A Windows ana shiga Settings, sai System, sai Display, a canja Scale daga 100% zuwa 125% ko 150%, a cikin manhajar shiga intanet kuma ana danna Ctrl tare da alamar + har rubutu ya yi daidai. Gwajin mai sauƙi ne: ya jingina da kujera ya karanta ƙananan lambobin da yake aiki da su kullum, idan ya ji yana son ya matso ko ya runtse ido, rubutun bai kai ba tukuna. Idan kuma an ƙara girma har sau biyu amma bai daina matsowa ba, to maganar ta bar hannun mai awo ta koma asibitin ido.

Saura karkata. Tunda ido yana kallon allon daga sama kaɗan, sai a ɗan karkatar da saman monitar baya da digiri 10 zuwa 20, domin fuskar allon ta fuskanci ido sosai, sama da ƙasansa su kasance kusan tazara ɗaya daga gare shi. Matsalar karkatar ita ce tana iya ɗauko hasken fitilar rufi ta watso shi ido. Hanyar ganewa ita ce a kashe monitar a dubi baƙin allon daga wurin zama: duk abin da aka gani a cikinsa, ko ƙwan fitila ko taga ko ƙofar shago a buɗe, shi ne zai riƙa gogayya da rubutu idan an kunna. Taga ta fi dacewa a gefe, domin idan tana bayan mai aiki haskenta yana faɗa wa allo, idan kuma tana bayan monita ido yana fama da haske biyu masu bambancin ƙarfi. Na kawo wannan ne a maganar wuya saboda mutum yakan karkace jiki ya guje wa ƙyalli ba tare da ya lura ba, ya wuni kansa a gicciye. Haka nan idan an ɗauke wuta, ɗaki ya yi duhu, kwamfuta kuma tana ci gaba a kan inbata, ya kamata a rage hasken allo ko a kunna ƙaramar fitila a gefe, domin allo mai ƙyalli a cikin duhu yana gajiyar da ido komai kyan tsayinsa.

Game da ƙarfen da ake kafawa, akasarin monitoci suna da ramuka huɗu a baya bisa ma'aunin da ake rubuta wa VESA a jikin kwali, kuma tazarar ramukan a monitocin ofis takan kasance milimita 75 ko 100 a kowane gefe. Sukurun da ke shiga su ne masu lamba M4, galibi tsawon milimita 10, kuma wanda ya fi tsayi yana iya wucewa ciki ya taɓa kayan wutar monitar, don haka kada a bar mai aiki ya ɗauko kowane sukuru daga aljihunsa ya ɗaura. A mafi yawan monitoci ramukan suna tsakiyar baya, amma ba a duka ba, saboda haka a auna daga tsakiyar allo zuwa tsakiyar ramukan kafin a sa alama a bango. A zaɓi ƙarfen da ke iya karkata sama da ƙasa, domin wanda ke manne monita ƙam da bango ba ya barin a yi gyaran da aka ambata yanzu. Bangon gine-gine da yawa a Legas bulo ne mai rami a ciki, kuma idan ramin ya faɗa wurin da babu ciko, fishar roba ba za ta kama da kyau ba. A ja ƙarfen da hannu da ƙarfi kafin a rataya masa monita.

Wanda ke haya kuma mai gida ba ya son a huda masa bango, ko ofishin da mutum biyu masu bambancin tsawo ke karɓa-karɓa a kan kwamfuta ɗaya, hannun ƙarfe mai kama bakin tebur ya fi musu, domin ana ɗaga shi a sauke shi, a jawo a tura, cikin daƙiƙu. Abu biyu ake dubawa. Na farko, kowane hannu yana da iyakar nauyin da aka rubuta masa, kuma yana da wurin da ake ɗaure shi da ɗan makulli domin ya dace da nauyin monitar. Idan ba a daidaita ba, monita mai nauyi takan riƙa saukowa a hankali, marar nauyi kuma ta riƙa tashi, sai mutum ya wayi gari tsayin ya gudu bai san yaushe ba. Na biyu, teburan da aka yi da matsattsen garin katako suna shan danshin iskar Legas su yi laushi, kuma abin da ke matse hannun da tebur yana iya nitsewa cikinsu ko ya ɓalle baki. Ɗan falle na katako mai ƙarfi a sama da ƙasa yana raba nauyin. Idan mutum biyu ne ke amfani da wurin, kowa ya sa alamarsa da ɗan tef a jikin sandar domin kada a riƙa sabon awo kowace safiya.

Laftof ba ta da gyara ita kaɗai, domin allonta da kibod ɗinta a haɗe suke. A teburin magatakardan nan, inda ido yake santimita 45 sama da tebur, tsakiyar allon laftof mai inci 15 tana kamar santimita 13 ne sama da tebur, wato ƙasa da ido da 32, daga tazarar kimanin 50, wanda ke nufin kallon ƙasa da ya wuce digiri 30 duk wuni. Idan an ɗaga ta domin wuya, hannu da kafaɗa sun shiga wahala. Mafita ɗaya ce: a ɗora ta a kan abin da zai ɗaga ta kamar santimita 15, a sayi kibod da linzami na daban a ajiye su a kan tebur.

Akwai rukunin mutanen da ƙa'idar bakin allo daidai da ido ba ta yi musu aiki, su ne masu tabarau mai hawa biyu, ko irin wanda ƙarfinsa ke sauyawa daga sama zuwa ƙasa. Daga shekara 40 zuwa sama madubin ido yana fara tauri, gani na kusa yana wuya, kuma irin wannan tabarau yana sa ɓangaren karatu a ƙasan gilashi. Idan dattijo mai irin wannan tabarau ya zauna gaban allon da ke daidai da idonsa, dole ya ɗaga haɓa domin ya kalle shi ta ƙasan gilashin, sai ya sami ciwon ƙeya iri ɗaya da na wanda aka kafa wa monita a sama. Shi ana sauke masa monita ƙasa da abin da lissafi ya bayar, a ƙara karkatar da ita baya, har sai ya iya karanta tsakiyar allo haɓarsa ba ta tashi ba. Kuma ya sani cewa tabarau na karatu galibi ana yin sa ne domin tazarar kimanin santimita 40, wato ta littafi, don haka yana iya ƙin nuna allon da ke 65 sarai. Wanda zai je gwajin ido ya auna tazarar allonsa ya faɗa wa likita adadin, domin ana iya yanka gilashin da ya dace da wannan tazara ta musamman.

Masu monita biyu su duba wacce suka fi kallo. Idan ɗaya ce ke ɗaukar mafi yawan aiki, ita za ta zauna a gaban hanci, ɗayar a gefe a ɗan karkace zuwa ga mai aiki. Idan kuwa daidai ake amfani da su, mahaɗarsu ce za ta zo tsakiya. Bakinsu na sama ya yi daidai, tazararsu daga ido ma ta zama ɗaya, domin kada ido ya riƙa sabon daidaitawa duk juyi.

Bayan mako guda da gyara, inda ciwo ya rage ko ya ɓulla yana faɗin abin da ya saura. Nauyi a gindin wuya da tsakanin kafaɗu yana nuna allon ya yi ƙasa ko mutum yana miƙa kai gaba, don haka a duba girman rubutu kafin a ɗaga monita. Tsami a ƙeya da bushewar ido suna nuna ya yi sama, ko iska tana bugun fuska. Ciwo a gefe ɗaya na wuya yana nuna allon ba ya tsakiya, ko ana kauce wa ƙyalli, ko kuma takardun da ake kwafa suna kwance nesa a gefe ɗaya, waɗanda ya kamata a jingine su tsakanin kibod da monita. Hanya mafi sauƙi ta tabbatarwa ita ce abokin aiki ya ɗauki hoton mutum daga gefe da waya a tsakiyar aiki, lokacin da bai shirya ba, a duba ko kunne yana saman kafaɗa ko ya wuce ta gaba. Tsayi da tazara mafi kyau ma ba sa cire buƙatar motsi, shi ya sa likitocin ido ke ba da shawarar duk bayan minti 20 a dubi abin da ke nesa da kamar mita 6 na daƙiƙa 20, domin naman cikin ido ya saki. Amma idan ciwon wuyan yana sauka hannu da jin tsira-tsira ko mutuwar yatsu, ko hannu ya rasa ƙarfi, ko mutum yana ganin abu biyu-biyu, ko ciwon kai ya ƙi tafiya makonni bayan an gyara wurin zama, wannan ya wuce abin da tef ɗin awo zai warware, sai a ga likita ba tare da jinkiri ba.